Ranar Biyan Bashi: Inda Ciniki Tsakanin Ƙabilu Ke Tsinkewa a Babbar Kasuwar Kaduna

Tsakure

Maƙalar ta duba cinikin sari tsakanin Hausawa da baƙin 'yan kasuwa a Babbar Kasuwar Kaduna. Ta nuna cewa wajen yanke farashi ba a cika samun rashin fahimta ba. Saɓanin yana tasowa ne ranar biyan bashi, kuma tushensa shi ne wanda aka tunkara da wurin da aka tunkare shi.

Gabatarwa da waiwaye

Kaduna gari ne da mulkin mallaka da jirgin ƙasa suka raya, tun da aka mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru a 1917. Shi ya sa kasuwarta da ke kan titin Ahmadu Bello, wadda ke ɗauke da sunan Sheikh Abubakar Gumi, ta tashi da Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Banufe a layi ɗaya.

Masana sun saba fassara irin wannan haɗuwa da ma'aunin Edward Hall, wanda a littafinsa na 1976 ya raba al'ummu gida biyu: masu faɗin magana ƙarara, da masu barin mai sauraro ya tsinci manufa daga yanayi. Geert Hofstede ya ƙara ma'aunin tazara tsakanin babba da ƙarami. Sai dai bayanansa daga ma'aikatan kamfanin IBM suka fito, kuma a jadawalin da ya faɗaɗa daga baya ya haɗa Najeriya da Gana da Saliyo a rukuni guda. Ma'aunin da bai bambanta Kano da Akara ba, ta yaya zai bambanta mutumin Zariya da na Anaca? Wanda wannan maƙala ta fi jayayya da shi kuwa shi ne littafin Roger Fisher da William Ury na 1981, da ke ba mai sasantawa shawarar raba mutum da matsala. Shawarar tana aiki inda kotu da takarda ke tsare dukiya. Inda ake ba da kaya bashi ba jingina, mutumin shi ne jinginar. Abner Cohen ya nuna haka tun 1969 a nazarinsa na Sabo ta Ibadan, inda cinikin shanu ya dogara kan mai gida da dillali masu tsaya wa bashi da sunansu.

Hanyar bincike

An bi matakan cinikin sari kamar yadda aka saba yin sa a kasuwannin Arewa, aka auna su da waɗannan rubuce-rubuce. Alƙaluman da ke ƙasa na misali ne.

Abin da aka gano

Matakin farashi a sarari yake. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya sallama. Ba wanda ya yi mako a kasuwar da zai ɗauki albarka a matsayin wataƙila. Ƙi ne tsaf, an dai faɗe shi ba tare da an muzanta mai tayi ba. Zancen cewa Bahaushe yana kewaye-kewaye bai tsaya ba a nan.

A ƙaddara wani ɗan sari ya kawo atamfa daga Anaca, ya ba wani Alhaji mai shago turmi 20 a kan naira 15,000 kowanne. An ba shi 100,000 a hannu, saura 200,000, aka ce nan da mako biyu in Allah ya yarda. Tun a nan kowa ya tafi da tasa fahimtar. Ɗan sari ya ƙirga kwana 14 a kalanda, domin shi ma akwai mai jiransa a Anaca. Alhaji kuwa lissafinsa yana kan lokacin da kaya za su fita. Kaduna garin ma'aikata ne da sojoji, kasuwa tana motsi idan albashi ya shiga a ƙarshen wata, atamfa kuma ta fi tafiya gab da salla. Idan mako biyun ya cika ranar ashirin ga wata, kuɗin yana nan a kan kanta cikin kaya.

Ranar ta zo, ɗan sari ya tarar da yaron shago. Yaro ya miƙa masa 50,000, ya ce mai gida ya fita. A wurin ɗan sari an karya alkawari, an kuma haɗa shi da yaro. A wurin Alhaji saƙo ne cikakke: bashin yana wuyana, ban gudu ba, kuma ina jin kunyar mu haɗa ido ban cika ba. Yaron ba shi da ikon yanke sabuwar rana, don haka duk matsin da za a yi masa aikin banza ne.

Ɓarnar tana aukuwa ne idan ɗan sari ya dawo ya ɗaga murya a bakin shago, maƙwabta suna ji. Ba fushin Alhaji ne abin dubawa ba. Sauran masu ba shi kaya sun ji cewa ya gaza, kowa zai nemi nasa a lokaci guda, wani ya fasa sauke masa sabon kaya. Shagon da ke juyawa da kayan bashi ya tsaya, kuma 150,000 ɗin da ake nema ya ƙara nisa. Mai bin bashi ya rushe jinginarsa da bakinsa. Da ya bi ta wurin dillalin da ya haɗa su, ko dattijon layin, da an keɓe an yanke rana a gaban mutumin da Alhaji ba zai so ya kunyata ba. In hakan ta ci tura, sai shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, kafin a yi zancen hukuma.

Za a ce wannan kariya ce ga mai taurin bashi, kuma akwai masu fakewa da kunya su ci dukiyar mutane. Gaskiya ne, amma ana iya gane su. Mai jinkiri na gaskiya yana rage bashin ko da kaɗan ne, yana aiko da saƙo kafin a neme shi, kuma ya yarda a sa mutum na uku a tsakani. Wanda ya yi niyyar cinyewa yana guje wa dillali, yana sauya zance kan adadin, shagonsa kuma yana cika da kayan wasu alhali bai taɓa tsohon bashi ba.

Za a kuma ce rubuta yarjejeniya baƙon abu ne da zai nuna wa Alhaji ba a yarda da shi ba. Wannan ma bai tsaya ba. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi mai ajali da kafa shaidu, aya ta 280 kuma ta nemi a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ɗan sarin da ya nemi a rubuta tun ranar ciniki, cikin sirri, yana neman abin da Alhaji ya riga ya sani ne.

Iyakokin nazarin

Misali ɗaya aka bi, na atamfa, tsakanin maza. Cinikin hatsi da na mata 'yan kasuwa suna da nasu tsarin, kuma ba kowane Ibo ke ɗaga murya ba, ba kowane Bahaushe ke aika yaro ba. Wannan bai taɓa jigon hujjar ba.

Kammalawa

Abin da ya kamata ɓangarorin biyu su daidaita tun kafin a sauke kaya shi ne ranar biya da ta dace da shigowar kuɗin mai shago, da sunan wanda za a nema idan ranar ta wuce. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kaduna su sanya waɗannan biyu cikin kowace takardar bashi.