Tarihin Isar da Sammaci da Ɗaukar Shaida a Ƙasar Waje

Ikon kotu yana ƙarewa ne a iyakar ƙasarta. Idan wanda ake ƙara yana zaune a wata ƙasa, ko shaidu da takardun hujja suna can, alƙali ba shi da hurumin tura masinjan kotu ya ƙetare iyaka. Wannan shi ne tushen matsalar da ta daɗe tana addabar shari'o'in haƙƙi da na kasuwanci masu shafar ƙasashe biyu. Dokokin da ake aiki da su a yau galibi sun fito ne daga yarjejeniyoyi biyu da aka ƙulla a birnin Hague na ƙasar Holan, ɗaya a 1965, ɗaya a 1970.

Tsohuwar hanya ita ce wasiƙar roƙo. Alƙali ya rubuta wa takwaransa na wata ƙasa yana neman alfarma. Wasiƙar ta bi ta ma'aikatar shari'a, ta wuce ma'aikatar harkokin waje, ta isa ofishin jakadanci, sannan ta gangara ta irin waɗannan ofisoshi a ɗaya ƙasar. Amsa ma ta biyo wannan sawu. Sau da yawa shekara kan zagayo ba a ji ɗuriyarta ba. Taron Hague kan dokokin da suka shafi mu'amalar mutanen ƙasashe daban-daban, wanda ya fara zama a 1893 bisa ƙoƙarin masanin shari'a Tobias Asser, ya samar da yarjejeniyoyi a 1896 da 1905 da 1954 don rage wannan jan ƙafa. Sai dai Amurka da Birtaniya ba su shiga ko ɗaya ba.

Jinkiri ba shi kaɗai ne ciwon ba. Akwai saɓanin fahimta. A Amurka, miƙa sammaci da tattara hujja aikin masu shari'a ne da lauyoyinsu. A Jamus da Faransa da Suwizalan kuwa aikin hukuma ne, don haka baƙon da ya yi shi ba da izini ba ya taka ikon ƙasa. Sashe na 271 na dokar manyan laifuka ta Suwizalan ma ya mayar da irin wannan aiki laifi. Ita ma Faransa a wancan zamani tana da nata abin zargi: idan wanda ake ƙara yana ƙasar waje, da zarar an miƙa takardar ga ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnati, doka ta ɗauka an isar, kwanaki kuma sun fara ƙirguwa. Ta haka ake iya yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa, bai ma san an kai shi ƙara ba. Wannan zalunci ne, ko da doka ta halatta shi.

Yarjejeniyar isar da takardu, wadda aka ƙulla ranar 15 ga Nuwamba 1965 ta kuma fara aiki a 1969, ta wajabta wa kowace ƙasa ta naɗa babbar hukuma guda da za ta riƙa karɓar buƙatu kai tsaye. Ana cike fom na musamman, a haɗa da takardun kwafi biyu, a fassara su idan ƙasar ta nemi haka. Hukumar ta isar bisa dokar ƙasarta, sannan a mayar da takardar shaida mai nuna rana da wuri da wanda ya karɓa, ko dalilin da ya hana isarwa. Ba ta da damar ƙin aiki sai in abin zai taɓa ikon ƙasa ko tsaronta. Mafi muhimmanci shi ne sashe na 15, wanda ya hana alƙali yanke hukunci a bayan idon mutum sai an tabbatar saƙo ya isa cikin lokacin da zai iya kare kansa. Ƙasa tana iya ayyana cewa alƙalanta za su ci gaba idan aƙalla wata shida sun wuce babu takardar shaida duk da ƙoƙarin da aka yi. Aikawa ta gidan waya halal ne muddin ƙasar da aka aika wa ba ta ƙi ba. Jamus da Suwizalan da Sin sun ƙi. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar, shi ya sa sammacin da ya fito daga kotunanta ko ya nufo ta yake dogara da ƙa'idojin kotu da tsofaffin hanyoyi.

Gurbin da aka bari ya bayyana a 1988. Wani mai suna Schlunk, wanda iyayensa suka rasu a haɗarin mota, ya yi ƙarar kamfanin Volkswagen na Jamus a jihar Illinois, amma ya miƙa sammacin ga reshen kamfanin da ke Amurka. Kotun Ƙolin Amurka ta ce tunda dokar jihar ta ɗauki reshen a matsayin wakilin uwar kamfani, isarwa ta kammalu a cikin gida, yarjejeniyar ba ta shigo ba. Ke nan dokar kotun da ke sauraron ƙara ce ke fayyace ko akwai buƙatar aika takarda waje.

Rikicin ɗaukar shaida ya fi zafi. Yarjejeniyar 18 ga Maris 1970, wadda ta fara aiki a 1972, ta bi tsarin babbar hukuma. Kotu ta aika buƙata mai bayyana masu shari'a, da tambayoyin da za a yi wa shaida, da takardun da ake nema. Alƙalin ɗaya ƙasar ya aiwatar bisa dokarsa, amma zai bi wata hanya ta musamman da aka roƙa, kamar rantsarwa ko rubuta jawabi kalma da kalma, in ba ta saɓa wa dokarsa ba. An kuma yarda ƙaramin jakada ko wakilin kotu ya ɗauki shaidar wanda ya amince, bisa sharuɗɗan ƙasar da yake ciki. Sashe na 23 ne ya zama ƙashin kifi a wuya: ya bai wa ƙasashe damar ƙin buƙatun tono takardu tun kafin zaman shari'a, abin da lauyoyin Amurka suka dogara da shi ƙwarai. Ƙasashe da dama sun yi amfani da damar. Faransa ta ƙara da tsaurara wata dokarta ta 1968 a shekarar 1980, ta haramta bayar da bayanan kasuwanci da na fasaha don shari'ar waje sai ta hanyar yarjejeniya.

A watan Agustan 1980 wani ƙaramin jirgin sama samfurin Rallye ya faɗi a jihar Iowa, matuƙi da fasinja suka ji rauni. Aka yi ƙarar kamfanin Aérospatiale mallakar gwamnatin Faransa da wani reshensa. Masu ƙara suka nemi takardu da amsoshi bisa ƙa'idojin kotunan tarayyar Amurka. Kamfanin ya ce hujjojin suna Faransa, dokar ƙasarsa ta hana shi bayarwa, sai dai a bi yarjejeniyar. A 1987 Kotun Ƙoli ta yanke cewa yarjejeniyar zaɓi ce, ba tilas ba. Alƙalai biyar, da alƙalamin Mai Shari'a Stevens, suka ce ko fara gwada ta ma ba wajibi ba ne. Alƙali ya auna yanayin ƙarar, da muradun ƙasashen biyu, da yiwuwar hanyar ta haifar da sakamako. Sauran huɗu, ƙarƙashin Mai Shari'a Blackmun, suka ga ya kamata a fara da yarjejeniyar, domin alƙalin da aka bar wa ma'auni zai karkata ga hanyar da ya saba. Tarihi ya gaskata su, don ƙananan kotuna sun fi zaɓar ƙa'idojin gida.

Nauyin ya faɗa kan kamfanin da ke tsakiya. In ya ƙi bayarwa, kotun Amurka na iya cin sa tara ko ta ɗauki zargin a matsayin tabbatacce; in ya bayar, ya karya dokar ƙasarsa. Kotunan Amurka sun daɗe suna cewa Faransa ba ta hukunta kowa da dokar, har sai a Disambar 2007 da babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Faransa ta tabbatar da tarar yuro 10,000 a kan wani lauya da ya nemi bayanai don wata shari'a a California ba ta hanyar yarjejeniyar ba. Duk da haka hukuncin 1987 ne ke jagorantar kotunan Amurka har yau.