Jakar ko-ta-kwana: Abin da ya kamata iyali su tanada kafin a ce a fita

Jakar ko-ta-kwana jaka ce guda da ake haɗa muhimman kayan iyali a cikinta, a ajiye ta inda hannu zai kai cikin duhu, domin ranar da ambaliya ko gobara ko tarzoma za ta tilasta wa mutane barin gida cikin 'yan mintuna. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ita ce jakar ta riƙe iyali kwana uku, wato tsawon lokacin da ake iya ɗauka kafin taimako ya daidaita.

Mazauna Maiduguri sun san ma'anar waɗannan mintuna. A daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumbar 2024, ruwan Madatsar Alau ya malalo cikin gari yayin da akasarin jama'a ke barci, ya mamaye Kasuwar Monday da Fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'a. Ambaliyar Mokwa a Jihar Neja, ranar 29 ga Mayun 2025, ita ma da asuba ta zo. Darasin da ya shafi jakar a fili yake: ana ɗaukarta ne da dare, babu wutar lantarki, a ƙasa ana tafiya, wataƙila kuma da yaro a kafaɗa. Saboda haka jakar goyo mai hannu biyu ta fi akwati ko jakar Gana-mas-go, kuma nauyinta kada ya wuce abin da uwargida za ta iya ɗauka ita kaɗai, kimanin kilo goma, domin babu tabbacin maigida yana gida a ranar.

Takardu

Takardu ne suka fi kome sauƙin ɗauka, su ne kuma suka fi wuyar mayarwa. Wanda ya taɓa rasa takardar fili ya san zaryar da ke biyo baya: rantsuwa a kotu, takardar rahoton 'yan sanda, sannan watanni na jira a ma'aikatar filaye.

Na farko su ne masu tabbatar da ko wane ne mutum, wato takardar NIN, katin zaɓe, fasfo, lasisin tuƙi da takardun haihuwar yara na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Sai masu tabbatar da mallaka, kamar takardar shaidar mallakar fili, yarjejeniyar ciniki ko ta haya da takardun mota. Ma'aikacin gwamnati ya haɗa da takardar ɗaukarsa aiki ta farko, ta tabbatar da shi a aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe da lambar asusun fanshonsa, domin su ake nema a duk tantancewa, har zuwa ranar ritaya. Ɗan kasuwa kuwa ya sa takardar rajistar kasuwancinsa da ta mallakar shago. Akwai kuma abin da 'yan kasuwa da yawa ke mantawa, shi ne littafin bashi. Littafin a shago yake kwana, idan wuta ta ci kasuwa tare da kaya yake tafiya, daga nan sai abin da masu bashi suka ga dama suka tuna. A riƙa ɗaukar hoton shafukansa da waya kowane ƙarshen wata.

Yadda ake adana su ma yana da ƙa'ida. A sa su cikin leda mai kauri mai rufewa, a sake sa ta cikin wata, a fitar da iska kafin a rufe. Kada a liƙe takardun asali da roba mai zafi kamar yadda ake yi a shagunan fotokwafi, domin wasu hukumomi ba sa karɓar takardar da aka liƙe, kuma idan ruwa ya shiga ta gefe babu yadda za a busar da ita. Sannan a yi kwafi biyu: hoto a ajiye cikin imel, fotokwafi kuma a kai gidan wani ɗan'uwa a wata unguwa mai tudu. Hoton da ke cikin waya kaɗai tare da wayar yake nutsewa.

Ana iya sake ganin lambar NIN ta danna *346#, lambar BVN kuma ta *565*0#, amma sai da layin da aka yi rajista da shi. Idan layin ya ɓace, wannan hanya ta rufe. Don haka a rubuta lambobin wayar dangi biyar ko shida a takarda, tare da lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Lambar sirri ta katin banki kuwa kada ta shiga jakar ko kusa.

Ruwa, da lissafin da ba ya fita

A nan ne akasarin jerin kayan da ake yaɗawa ke ɓatar da mutane. Mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata na sha a rana shi ne kimanin lita uku, ya fi haka a watannin zafi ko ga mai shayarwa. Mu ɗauki gida mai mutum shida: maigida, uwargida, yara uku da kaka. Lita uku sau mutum shida lita 18 ke nan a rana, a kwana uku lita 54. Kowace lita kilo ɗaya ce, don haka ruwan kaɗai kilo 54 ne, ya ɗara buhun shinkafa nauyi. Babu mai gudu da wannan.

Mafita ita ce a raba matsalar biyu. A ɗauki ruwan sa'o'in farko, a kuma ɗauki abin tsarkake sauran. Ga wannan gida, kowane babba da yaron da ya tasa ya riƙe gora mai lita ɗaya da rabi a hannunsa, jakar kuma ta ɗauki biyu. Gora ta fi ruwan leda, domin leda ɗaya rabin lita ce, tana fashewa idan an danne ta, ta jiƙa duk abin da ke ƙasa, kuma ba a sake cika ta.

Sauran ruwan daga inda aka sauka za a samo shi, kuma bayan ambaliya rijiyoyi da masai sukan haɗu, abin da ke kawo kwalara. Ƙwayoyin kulorin na tsarkake ruwa, waɗanda ake samu a kantunan magani, ba su da nauyi. Akwai nau'in da ƙwaya ɗaya ke isar jarka mai lita ashirin, to jarka uku ta biya buƙatar gidan nan na kwana uku. Ƙarfin ƙwayoyin ya bambanta, saboda haka a karanta abin da ke jikin kwalin. Idan ruwan ya yi duhu a bar shi ya kwanta, a tace da kyalle mai tsabta kafin a jefa ƙwayar, sannan a jira minti talatin. Ɗan warin kulorin bayan wannan lokaci alama ce ta cewa maganin ya isa. Idan babu ƙwayar, a tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka.

Magunguna

Maganin da ya fi muhimmanci a jakar shi ne wanda wani a gidan yake sha kullum. Kakar da ke misalinmu, idan tana da hawan jini, ba za ta ji kome ba a ranar farko da ta rasa maganinta, kuma wannan shirun shi ne haɗarin. Haka masu ciwon suga da asma da sikila da tarin fuka da masu shan maganin ƙanjamau. Mai farfaɗiya ma ya fi su gaggawa, domin dakatar da maganinsa farat ɗaya na iya tayar da ciwon. A tanadi na mako biyu ga kowannensu, a cikin kwalinsa na asali. Ƙwayoyin da aka ƙulle a leda babu suna ba su da amfani ga likitan sansani. A rubuta a takarda sunan mai shan, sunan maganin, ƙarfinsa da sau nawa ake sha, a haɗa da katin asibiti da na rigakafin yara.

Allurar insulin ba ta zama cikin jaka, domin zafi na kashe ƙarfinta. A firji take, sai a liƙa takarda a bakin jakar mai tunatar da a ɗauko ta. Kwalbar da aka fara amfani da ita takan yi kusan mako huɗu a wajen firji idan zafi bai wuce digiri 30 ba, kuma naɗe ta cikin jiƙaƙƙen kyalle a inuwa yana taimakawa.

Bayan waɗannan sai gishirin gudawa, wato ORS, aƙalla fakiti goma, da ƙwayoyin zinki na yara. Yawancin fakitin a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake narkar da shi, a zubar da abin da ya rage bayan awa 24. Idan ya ƙare, ana haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, shafaffu ba masu tozo ba, domin yawan gishiri na cutar da yaro. A ƙara farasitamol, bandeji, filasta, maganin wanke rauni, sabulu, audugar mata da gidan sauro guda.

Galibin magunguna an rubuta a jikinsu a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato yakan haura 40. Wannan ya sa but ɗin mota da ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba wuraren ajiye jakar ba ne. Ƙwayar da ta canza launi, ta yi laushi ko ta dagargaje, ta lalace ko da wa'adinta bai cika ba.

Tocila, waya da kuɗi

Tocila mai caji da ta cika kasuwa tana zubar da cajinta a hankali ko ba a kunna ta ba, sai a ɗauko ta bayan wata huɗu a tarar ta mutu. Mai batir ta fi dacewa da jaka, da sharaɗin a cire batiran a ɗaure su gefe, domin batirin da ya daɗe a ciki yakan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen. Wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi, tunda tana barin hannu biyu su riƙe yara. Tocilar waya a bar ta, cajin wayar na kira ne. A haɗa da fawa banki da igiyar caji, da ƙaramar rediyo don jin sanarwar hukumomin agaji.

Kuɗi a hannu dole ne, ƙananan takardu, gwargwadon kuɗin mota da abincin kwana uku, saboda masu POS da na'urorin banki duk da sabis da wuta suke aiki. Abinci kuwa wanda ba ya buƙatar wuta: dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, biskit. Kowa ya samu kaya sawa ɗaya da mayafi.

Wurin ajiya da lokacin dubawa

A rataye jakar a sama kusa da ƙofar fita, inda ruwa ba zai fara kaiwa ba, yara ƙanana kuma ba za su kai ga magunguna ba. Kada a kulle ta a durowar da mutum ɗaya ke riƙe da makullinta. Kowane babba a gidan ya san wurinta, a kuma ayyana wanda zai ɗauka da inda za a haɗu idan an rabu.

Dubawa sau biyu a shekara ta wadatar: a watan Mayu kafin damina ta kankama, da watan Nuwamba kafin hunturu, lokacin da gobara ta fi yawa. A kowane dubawa a shanye ruwan a zuba sabo, a gwada tocila, a yi cajin fawa banki, a fitar da magungunan da wa'adinsu ya kusa a yi amfani da su a mayar da sababbi. A kuma gwada wa yara tufafin da aka ajiye, domin rigar da ta yi wa ɗan shekara uku daidai a Mayu ba lalle ta shige shi a Nuwamba ba.