Tarihin Warware Lissafin Yaɗuwar Zafi a Sanda ta Hanyar Jerin Sayin

Lissafin yaɗuwar zafi wani daidaito ne da ke bayyana yadda ɗumin kowane wuri a jikin abu yake sauyawa da tafiyar lokaci, kuma hanyar warware shi ta samo asali ne daga aikin Joseph Fourier, masanin lissafi Bafaranshe da aka haifa a Auxerre a 1768. Sai dai tun a 1753 Daniel Bernoulli ya yi da'awar cewa kowace irin girgizar tsirkiya ana iya rubuta ta a matsayin jimillar sayin, wato lanƙwasa masu hawa da sauka bisa tsari, amma Euler bai amince ba, domin a ganinsa irin wannan jimilla ba za ta iya wakiltar kowace siffa ba.

Fourier, wanda a lokacin yake gwamnan lardin Isère a Grenoble, ya miƙa wa cibiyar masana ta Paris rubutunsa kan zafi a watan Disamba na 1807, inda Lagrange, ɗaya daga cikin masu tantancewa, ya ƙi yarda da batun jerin. Ko da Fourier ya ci kyautar cibiyar a 1812, alƙalan sun ce hujjojinsa na da sauran gyara, kuma cikakken littafinsa bai fito ba sai a 1822.

Misalin da littattafan koyarwa suka fi bayarwa shi ne na siririyar sanda mai tsawon L, wadda aka naɗe jikinta yadda zafi ba zai fita ta gefe ba, aka kuma riƙe bakinta biyu a ɗumin sifili. Idan u shi ne ɗumi a wuri x a lokaci t, k kuwa adadin da ke nuna saurin ratsawar zafi a ƙarfen, to daidaiton shi ne:

```
u_t = k u_xx,   u(0,t) = u(L,t) = 0
```

Dabarar raba masu sauyawa ita ce a ɗauka cewa amsar ninkin abu biyu ce, `u = X(x)T(t)`, ɗaya ya dogara da wuri kaɗai, ɗayan da lokaci kaɗai. Idan aka sa wannan a daidaiton aka raba, ɓangaren lokaci zai koma hagu, na wuri ya koma dama, kuma ba yadda za su yi daidai a ko'ina a kowane lokaci sai idan dukansu tsayayyen adadi ɗaya ne. Sharaɗin bakin sanda ne ke zaɓar adadin, domin sayin da suka zama sifili a bakin biyu kawai ake karɓa. Daga nan sai a tara su duka:

```
u = Σ b_n sin(nπx/L) exp(−k n²π² t/L²)
b_n = (2/L) ∫₀ᴸ f(x) sin(nπx/L) dx
```

A nan f shi ne ɗumin sandar a farko, b_n kuwa nauyin kowane sayin a cikin jimillar.

A ɗauki sandar jan ƙarfe mai tsawon santimita 100, wadda k ɗinta ya kai kusan 1.1 a ma'aunin murabba'in santimita a daƙiƙa, aka ɗumama ta gaba ɗaya zuwa digiri 100 kafin a sa bakinta biyu a ƙanƙara. Nauyin kowace lamba mai mara shi ne `400/(nπ)`, na lamba marar mara kuwa sifili, don haka na farko ya kai kusan 127, na uku kusan 42. Tun da murabba'in n ne ke cikin ƙarfin raguwar, sayin na uku yana dushewa da saurin da ya ninka na farko sau tara. Bayan daƙiƙa 920, wato kimanin minti 15, na farko ya sauko zuwa kusan 47, na uku kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na digiri ba, saboda haka ɗumin tsakiyar sandar kusan digiri 47 ne.

Wannan misali yana nuna abin da ya dami Lagrange, domin a lokacin farawa ɗumin yana faɗowa kwatsam daga 100 zuwa sifili a bakin sanda, alhali kowane sayin a sulɓe yake. Dirichlet ne ya fara kawo tabbatacciyar hujja a 1829, cewa jerin yana kaiwa ga f idan tsalle-tsallensa da hawa da saukarsa ƙidayayyu ne, a wurin tsalle kuwa yana tsayawa a tsakiyar ƙimomin biyu. Duk da haka, jimillar da aka yanke a wani adadi tana zarce ƙima kusa da tsallen, a wannan sanda har zuwa kusan digiri 118, abin da Wilbraham ya lura da shi a 1848, Gibbs kuma ya sake bayyana shi a 1899. Zarcewar ta tsaya ne ga lokacin farawa kaɗai, domin da zarar t ya wuce sifili, manyan lambobin da ke haddasa ta su ne suke fara dushewa.