Murhun da Ba Ya Cika: Gasa Mai Ratsin Babakere da Farashin Zaɓi

A shekarar 1933 masana tattalin arziki biyu, Edward Chamberlin a Harvard da Joan Robinson a Cambridge, kowa ya fitar da littafinsa kan kasuwannin da ba su shiga sahun cikakkiyar gasa ba, kuma ba su kai babakeren mutum ɗaya ba. Daga aikin Chamberlin ne aka fi ɗauko hukuncin da ake koyarwa har yau, cewa irin wannan kasuwa tana barin kayan aiki a zaune. Hukuncin gaskiya ne, amma a ganina kiran duk abin da ya zauna asara gaggawa ce.

Cikakkiyar gasa tana son masu sayarwa da yawa, haja iri ɗaya, da ƙofa a buɗe ga mai shiga da mai fita. Kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ta yi kusa da wannan siffa: in masara iri ɗaya ce, wanda ya ɗora wani abu a kan farashin ranar zai wuni yana kallon buhunansa. A nazarce, irin wannan gasa tana tura farashi zuwa mafi ƙarancin kuɗin da ake kashewa kan kowace haja.

Gidan burodi daban yake. Wannan nasa mai laushi ne, wancan mai nauyi da masu shayi ke so, wani kuwa kusancinsa da unguwa ne jarinsa. Bambancin yakan ba kowa ɗan iko kan farashinsa: ya ƙara kuɗi, wasu su tafi, wasu su tsaya.

Mu ƙaddara lissafi. A ce wani gidan burodi yana kashe naira 60,000 kullum kan haya da albashi da gyaran murhu, ko ya gasa ko bai gasa ba, sannan kowane burodi yana cin naira 400 na fulawa da sukari da yis da makamashi. Murhun yana ɗaukar 600 a rana kafin kuɗin aiki ya fara hawa. In ya cika, kowane burodi zai tsaya masa a kan naira 500. To amma duk lokacin da aka ga riba ta yi kauri sai wani ya buɗe nasa, a raba masu saye, har cinikinsa ya sauko 300 a rana. Yanzu burodi ɗaya yana tsaya masa a 600, kuma a 600 yake sayarwa. Ribar da ta wuce ladan wahalarsa da jarinsa ta tafi, rabin murhu kuma a zaune.

Me zai hana ya karya farashi ya cika murhun? A ce ya sauko 550, masu saye suka kai 375. Naira 150 ke saura a kan kowane, jimilla 56,250, wato ya gaza biyan kuɗin dole da 3,750. In ya hau 650 ciniki ya koma 225, giɓin da zai samu ke nan daidai. Saboda haka zaman murhun ba lalaci ba ne, can ne lissafinsa ya fi dama. Alamar gane wannan yanayi ita ce farashi ya ɗara kuɗin gasa ƙarin burodi guda, mai gidan yana zawarcin kowane sabon mai saye, amma aljihunsa bai nuna wata garaɓasa ba. Murhun da ya tsaya don fulawa ta yi tsada ko makamashi ya yanke, wannan wata cuta ce daban.

Yanzu a auna garin da ke cin burodi 6,000 a rana. Gidaje 10 cikakku za su wadatar da shi a kan 500, gidaje 20 masu rabin aiki kuwa a kan 600. Bambancin naira 600,000 ne kullum. Masu cewa asara ce a nan suke kafa hujja, kuma adadin ba ƙarami ba ne.

Sai dai kwatancen yana ɓoye abu guda: gidaje goman nan sai sun gasa burodi iri ɗaya kafin gasarsu ta cika. Da zarar ɗaya ya bambanta, an koma gidan jiya. Chamberlin da kansa ya ɗauki ƙarin kuɗin a matsayin abin da jama'a ke biya don samun zaɓi, kuma a 1977 Avinash Dixit da Joseph Stiglitz suka nuna cewa kasuwa tana iya samar da nau'o'i fiye da kima ko ƙasa da kima, gwargwadon yadda mutane ke daraja bambancin. Tsohuwar da gidan burodi ya matso kusa da ita ta huta da kuɗin mota, wannan amfani ne ko da bai fito a lissafin murhu ba.

Inda nake ganin asara ta tabbata shi ne inda bambancin ya tsaya a leda da suna, ƙulli ɗaya, nauyi ɗaya. Don haka rage yawan gidajen burodi da tsauraran sharuɗɗan lasisi ba magani ba ne, domin zai miƙa wa 'yan kaɗan ikon farashi. Abin da ya kamaci hukuma shi ne ta tilasta rubuta nauyi da kayan haɗi na gaskiya a jikin leda, mai saye ya san abin da ƙarin naira ɗarinsa ta saya masa.