Daga Takardar Oda zuwa Maɓallin Waya: Tarihin Gwada Talla

Gwada talla shi ne a fitar da talla ɗaya ta fuskoki daban-daban, a canza hoto ko kanun talla ko kalmar da ke kiran mai karatu ya yi wani abu, sannan a ƙirga wacce fuska ta fi jawo masu saye. Sana'ar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Ta tsiro a Amurka wajen 'yan kasuwar da ke sayar da kaya ta gidan waya, waɗanda ba su da shago ba su da dillali, tallan jarida ne kawai hanyar cinikinsu. A ƙasan kowane talla akwai 'yar takardar oda da mai saye zai yanke ya aiko. Sai suka riƙa sa wa kowace takarda alama, harafi ko lamba a jikin adireshi. Idan wasiƙu sun iso, magatakarda ya ware su tsibi-tsibi, a ga tallan da ya biya kuɗinsa da wanda ya ci kuɗi a banza. Claude Hopkins ya tattara wannan tunani a littafinsa Scientific Advertising a 1923, John Caples kuma ya biyo da Tested Advertising Methods a 1932, inda ya fi ba kanun talla muhimmanci.

Wannan hanya tana da rauni, kuma masu aikin sun san da shi. Talla guda ya fito ranar Litinin, ɗayan ranar Asabar, ko wannan a jaridar birni wancan a ta ƙauye. Idan ɗaya ya yi nasara, ba a san ko kanun ne ya yi aiki ko ranar ba. Maganin ya zo daga maɗaba'a: jarida ta buga fuskoki biyu a bugu ɗaya, kwafi na farko da talla A, na biyu da talla B, a haka har ƙarshe. Kowane ƙunshi da ya isa hannun mai sayar da jarida a gauraye yake, don haka mutanen da suka ga A irinsu ɗaya ne da waɗanda suka ga B. Wannan rabon adalci shi ne ginshiƙin sana'ar har yau, kuma abin da ake kira gwajin A/B jikansa ne.

Gwada abubuwa da yawa a lokaci guda kuwa daga gona aka aro shi. Masanin lissafi Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya nuna cewa ba dole a gwada taki daban, iri daban ba. Ana iya haɗa kowane taki da kowane iri a filaye da aka raba ta ƙuri'a, a fitar da tasirin kowannensu daga girbi ɗaya. A jarida wannan ya yi tsada. A intanet, inda canza hoto bai cin tawada, ya zama aikin yini guda.

Gwajin da ya fi shahara a wannan fage an yi shi a watan Disamba 2007, a shafin farko na yaƙin neman zaɓen Barack Obama, ƙarƙashin Dan Siroker. Abin da ake nema shi ne baƙo ya bar adireshin imel ɗinsa. An shirya rubutu huɗu don maɓalli: Sign Up, Sign Up Now, Join Us Now da Learn More. An kuma shirya hotuna uku da bidiyo uku. Huɗu sau shida ya ba da haɗi 24, aka raba musu baƙi 310,382 ta ƙuri'a, kowane haɗi ya samu mutum kusan 13,000. A nan dabarar Fisher take nuna amfaninta: ko da yake kowane haɗi mutum 13,000 kawai ya gani, kowane maɓalli ya bayyana ga mutum sama da 77,000, kowane hoto ko bidiyo ga sama da 50,000, don haka hukunci a kan kowane sashe ya fi ƙarfi.

Ma'aikatan kamfen sun fi karkata ga ɗaya daga cikin bidiyon. Sakamako ya nuna duk bidiyon ukun sun gaza hotunan. Haɗin da ya lashe shi ne hoton Obama da iyalinsa tare da maɓallin Learn More: kashi 11.6 cikin ɗari suka yi rajista, alhali tsohon shafin yana samun kashi 8.26, ƙarin da ya haura kashi 40 cikin ɗari. Abin da ya sa wannan gwaji ya tsaya da ƙafarsa shi ne an ƙirga rajista, wato ainihin abin da ake so, ba yawan dannawa ba, kuma rabon ya kasance na ƙuri'a daga farko har ƙarshe. Siroker ya je ya kafa kamfanin Optimizely da abokinsa a 2010. Kanun talla ma ya samu nasa labarin a 2012, lokacin da wani ɗan canji a yadda Bing ke nuna kanun talla, shawarar da ta yi watanni a ajiye, ya ƙara kuɗin shiga da kashi 12 cikin ɗari.

Daga nan manyan dandamali suka karɓe aikin. A tsarin Google na yau, mai talla yana ba da kanu har 15 da bayani har 4, manhaja ta riƙa haɗa su da kanta. Facebook ma yana karɓar hotuna da rubuce-rubuce da maɓallai ya gauraya. Sauƙi ya samu, amma wani abu mai daraja ya ɓace a hanya. Manhajar ba ƙuri'a take yi ba. Burinta ta samo dannawa mai araha, don haka da ta ga wata fuska ta ɗan motsa a ranar farko sai ta karkata kuɗin gare ta, kuma ta kai kowace fuska ga mutanen da take hasashen za su so ta. Hoton uwa da jariri ya tafi wurin mata masu goyo, hoton mota ya tafi wurin samari. Wanda ya duba rahoto ya ce hoton uwa ya fi, alhali kasuwa biyu daban ya kwatanta. Matsalar Litinin da Asabar ce ta dawo da sabuwar riga.

Ana gane wannan a rahoton kansa. Idan fuska ɗaya ta cinye kashi 80 na kuɗin, sauran kuma mutum 'yan ɗaruruwa suka gan su, ba a gwada su ba ma tukuna. Idan aka rarraba rahoton bisa shekaru da jinsi da gari aka ga masu kallon A sun sha bamban da na B, kwatancen ya lalace. Ƙarancin adadi ma tarko ne: talla biyu, kowanne an nuna wa mutum 1,000, ɗaya ya samu dannawa 20 ɗayan 25, wannan tazara sa'a kaɗai tana iya haifar da ita. Kuma duk wanda ya jera fuskoki 50, dole ɗaya ta fito a sama ko da duka ƙarfinsu ɗaya ne. Shi ya sa ƙwararru ke sake gwada zakaran da tsohon talla su biyu kawai, a kan sabbin mutane.

Aikin a yau ya rabu gida biyu. Mai son ciniki na wannan mako yana barin manhaja ta zaɓa. Mai son sanin dalili yana amfani da kayan gwaji da dandamalin suka tanada, masu raba jama'a gida-gida ta ƙuri'a da kuɗi daidai, ya tsayar da ranar rufewa tun kafin farawa, ya sa wa kowace fuska suna mai nuna hoto da kanu da maɓallin da ke cikinta. Ko a nan ma, a cikin kowane gida manhajar ce ke zaɓar wanda zai ga tallan. Don haka sakamakon yana nuna yadda talla da manhaja suka yi aiki tare a wannan dandali, kuma sai an sake gwaji kafin a ɗora shi a kan allon titi ko rediyo.