Matar da ta yanke harafi ɗaya daga sunanta

A cekarar 1896 kotun ƙoli ta Amerika ta halatta raba baƙi da farare a wuraren jama'a, a shari'ar Plessy. A jihohin kudu, tarago daban, makaranta daban, asibiti daban. Wasu jihohin sun ƙara tsananta abin: dokar Virginia ta 1924 ta ce wanda ke da ko ɗigo ɗaya na jinin baƙar fata ba Bature ba ne, komai hasken fatarsa. To amma bauta ta bar dubban mutane masu ruwa biyu, waɗanda ido ba ya rarrabe su da Turawa. Wasunsu sukan bar garinsu, su canza suna, su saje da farare. Ga labarin ɗaya daga cikinsu.

An haifi Belle Marion Greener a Washington a 1879. Mahaifinta, Richard Greener, shi ne baƙar fata na farko da ya kammala Kwalejin Harvard, a 1870, kuma an san shi wajen fafutukar ƙwato ƴancin baƙaƙe. Iyalin suka koma New York, daga baya aure ya lalace. A 1898 uban ya tafi aikin jakadanci a Vladivostok, can ƙasar Rasha. Uwar da ƴaƴanta, dukansu masu hasken fata, suka yanke shawarar zama Turawa.

Ku duba yadda aka yi abin. Sunan Greener ya shahara, duk wanda ya ji shi zai tuna da mutumin Harvard, sai suka cire harafin ƙarshe ya koma Greene. Saura launin Belle, wanda bai kai na Turawan arewa fari ba. Dole a samo masa dalili. Ta ƙara "da Costa" a sunanta, ta ce tana da jinin Fotugal. Wannan dabara ta yi wa mutane da yawa aiki a lokacin, don Bature ya fi saurin yarda da baƙon asali daga kudancin Turai a kan ya yi zaton jikan bawa ne ke zaune gabansa.

Abin ya ci. Ta sami aiki a ɗakin littattafan jami'ar Princeton, a zamanin da jami'ar ba ta karɓar ɗalibai baƙaƙe. A 1905 attajirin nan J. P. Morgan ya ɗauke ta ta kula da tarin littattafansa. Ta riƙa zuwa Turai tana sayen tsofaffin rubuce-rubucen hannu da kuɗi masu kauri, manyan dillalai suna shakkarta. A 1924 aka buɗe gidan littattafan ga jama'a, ita ce shugabarsa ta farko, har ta yi ritaya a 1948.

To mi ta biya? Na farko, ubanta. Ya dawo Amerika, ya zauna a Chicago har ya rasu a 1922, amma ba ta da halin nuna shi a matsayin mahaifi, don ambaton sunansa kaɗai ya isa ya rushe komai. Ku yi tunani: uba ya ƙare rayuwarsa yana kare mutuncin baƙar fata, ƴarsa kuma abincinta ya dogara ga ɓoye shi.

Na biyu ya fi ciwo. Ta reni ɗan ƙanwarta, Robert Leveridge, kamar ɗan cikinta, ya tashi a matsayin Bature. Ya shiga soja a yaƙin duniya na biyu, yana da budurwar da zai aura. Mahaifin yarinyar ya gano asalin dangin, maganar aure ta watse, ta rubuta masa wasiƙa mai zafi a kan jininsa. A 1943 saurayin ya kashe kansa a Turai. Asirin da aka binne don yara su tsira, shi ya faɗo kan wanda bai ƙulla shi ba.

Na uku, tarihinta. Kafin ta rasu a 1950 ta ƙone takardunta na sirri. Matar da ta yi fiye da shekara arba'in tana adana rubutun wasu, nata ta sa wa wuta. Abin da ya tsira mafi yawa wasiƙun da ta aika wa masanin zane Bernard Berenson ne, don suna hannunsa a Italiya. Sai a 1999 marubuciya Jean Strouse, cikin littafinta kan Morgan, ta fito da takardar haihuwar Belle, mai ɗauke da alamar da ake sa wa baƙaƙe.

Wasu za su ce ta ci amanar danginta. Mu dai muna ganin a fara tuhumar dokar da ta sa mace mai irin wannan basira zaɓi tsakanin aikinta da sunan ubanta. Da ta riƙe Greener, da wuya ƙofar Princeton ta buɗe mata, balle ta Morgan. Ta yar da sunan, ƙofa ta buɗe, amma daga ranar ba ta sake iya cewa ga ubana a gaban mutane ba.