Yadda ake tambayar mutum sunan da yake so a kira shi a ƙauyukan Hausawa na Sinja

Sinja ita ce hedikwatar jihar Sennar a Sudan, a bakin kogin Nilu Shuɗi. Akwai Hausawa da Fulani da yawa a yankin, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Garin Maiwurno, da ke kudu da birnin Sennar, ya samu sunansa ne daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Mutanen yankin suna magana da Hausa da Larabcin Sudan, kuma ladabin kiran suna a harsunan biyu ba ɗaya ba ne. Abin da ke raba gardama shi ne a tambayi mutum yadda ake kiransa, maimakon a tambaye shi sunansa na yanka.

Dattijo

Ba a fuskantar dattijo da “yaya sunanka?”. Hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi wani na kusa da shi kafin a isa gabansa: “Da wane suna kuke kiran Baba a gidan nan?” Idan babu wanda za a tambaya, sai a yi sallama, a gama gaisuwa, a riƙe shi da Baba ko Malam, tsohuwa kuma da Inna ko Hajiya. Daga nan sai a ce: “Allah ya ƙara girma, yaya yara suke kiranku, kada in yi kuskure?” Tambayar ta ba shi damar faɗin laƙabin da yake so ba tare da an sa shi ambaton sunansa ba.

A Larabcin Sudan ana ce wa tsoho “ya Hajj”, tsohuwa “ya Hajja”, ko da ba su je Makka ba, saboda shekaru kawai. Idan dattijo ya ce “Allah bai nufa ba tukuna”, yana nufin a koma Baba ko Malam.

Inda al'adun biyu suka fi cin karo shi ne alkunya. Balarabe yana girmama mutum da Abu wane ko Ummu wane, da sunan babban ɗansa. Bahaushiya mai riƙe da al'ada kuwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta faɗin na miji ko na suruki. Baƙon da ya tambaye ta sunan babban ɗanta don ya girmama ta, ya sa ta cikin kunya. Alamar ita ce ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai, ko ta kira yaro ya ba da amsa. In an ga haka sai a sauya magana.

Abokin ciniki

A ciniki suna biyu ake buƙata: na kira da na takarda. A ɗauki misalin mai shago a kasuwar Sinja da zai ba manomi buhun sukari bashi zuwa kakar riɗi. Kowa ya san manomin da Ɗanjuma, amma takardunsa na hukuma suna ɗauke da sunansa na yanka, da na uba, da na kaka, da na uban kaka, kamar yadda ake rubutawa a Sudan. Mai shagon zai fara da cewa: “Malam, da wane suna zan riƙa kiranka?” Bayan an daidaita kan farashi sai ya ƙara: “Na littafi kuma, yadda yake a katinka.” Ya rubuta cikakken sunan, ya sa laƙabin a gefe. Idan laƙabin kawai ya rubuta, ranar biya yana iya tarar da Ɗanjuma uku a ƙauye ɗaya. Mace kuma ana rubuta ta da sunan mahaifinta, domin a Sudan ba ta ɗaukar sunan miji.

Baƙo

Da Larabci ana cewa “al-isim al-karim?”, wato suna mai daraja. Da Hausa sai mai tambaya ya fara faɗin nasa, sannan ya ce: “Ban san yadda ake kiran Malam ba.” Kalmar “ya zol” ta dace da sa'a, ba ta dace da babba ba.

Kada tambayar ta zarce zuwa ƙabila. Wasu 'yan Sudan suna haɗa duk masu asali da yammacin Afirka su ce musu Fallata ko Takari, kuma Hausawa da dama da aka haifa a can suna jin hakan a matsayin mayar da su baƙi. Rikicin ƙabilanci na Yulin 2022 a jihar Nilu Shuɗi, wanda ya raba Hausawa da yawa da gidajensu, da yaƙin da ya kai Sinja a 2024, sun sa mutane taka-tsantsan da mai bin diddigin asalinsu. Duk sunan da baƙo ya bayar, a maimaita shi sau ɗaya don a tabbatar da lafazinsa, a ci gaba da kiransa da shi.